Yana Ci, Yana Wasa, Amma Ba Ya Tsawo

Akwai gidajen da tela yake fara gano matsala kafin likita. A kai masa yara awon kayan sallah, ya duba littafinsa ya ga kowa ya ƙaru, sai yaro ɗaya da awonsa na bara da na bana duk ɗaya ne. Wandon da aka ɗinka masa shekara biyu da suka wuce har yanzu yana taɓa idon sawunsa. Ƙanensa da aka haifa bayansa da shekara uku ya kusa kamo shi. Yaron ba ya kwance, yana zuwa makarantar boko da ta allo, yana cin tuwo tare da kowa, don haka ba wanda ya kira abin ciwo. Kaka ta ce gajartar dangin uwarsa ya ɗauko. Uba ya ce a bar shi, idan ya balaga zai miƙe.

Wani lokaci gaskiyarsu ne. Amma akwai cututtukan da ke daɗewa a jikin yaro ba zazzaɓi, ba kuka, ba kwanciya, kuma alamarsu ta farko, wani lokaci ma ita kaɗai na tsawon shekaru, ita ce tsayawar girma. Biyu daga cikinsu sun isa misali: ciwon ƙoda mai daɗewa, da cutar hanji da ake kira siliyak, wadda cin alkama ke tayarwa. Jiki yana yin abin da magidanci ke yi idan rashin lafiya ta shigo gida yana tsakiyar gini: ya dakatar da ginin, ya mayar da kuɗin kan abin da zai riƙe rai. Girma shi ne ginin da jikin yaro yake fara dakatarwa.

A ƙasarmu gane irin wannan yaro ya fi wuya, domin gajerun yara suna da yawa. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya haura rabi. Mafi yawansu rashin ingantaccen abinci da yawan gudawa ne sanadi. Yaron da ƙodarsa ko hanjinsa ke ciwo sai ya ɓace a cikinsu, a yi ta ba shi maganin tsutsa da maganin ƙarin jini shekara da shekaru.

Tambayar ita ce nawa ya ƙaru

Gajarta kaɗai ba ta nuna ciwo. Abin dubawa shi ne saurin girma, wato santimita nawa yaro ya ƙaru daga bara zuwa bana. Jariri ana haifarsa da tsawon kusan santimita 50. A shekararsa ta farko yana ƙara kusan 25, a ta biyu kusan 12, ya kai kusan santimita 100 yana ɗan shekara huɗu. Daga nan har zuwa balaga yana ƙara santimita 5 zuwa 6 kowace shekara. Yaron da ya gaji gajarta gajere ne, amma yana samun wannan ƙarin nasa duk shekara, tazararsa da sa'o'insa ba ta faɗaɗa. Wanda ciwo ya taɓa kuwa yana komawa baya: bara sa'ansa ya fi shi da kaɗan, bana ya fi shi da kai guda. Yaron da ke tsakanin shekara huɗu da balaga, idan bai ƙara santimita 4 a shekara ba, ya cancanci bincike.

Awon ba ya buƙatar kuɗi. A cire wa yaro takalmi da hula, a tsayar da shi jikin bango a kan daɓe mai daidai, dugadugansa da ɗuwawunsa da kafaɗunsa suna taɓa bangon, idonsa yana kallon gaba. A ɗora littafi mai kauri a kansa a kwance, a ja layi da fensir a ƙarƙashin littafin, a rubuta kwanan wata, a auna da tef ɗin tela. A maimaita bayan wata shida, a wuri ɗaya, da safe, domin awon wata ɗaya ko biyu ba ya nuna komai. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna shi a asibiti, kuma ya kamata uwa ta roƙi a rubuta tsawon a katin awo, kada a tsaya ga nauyi kawai.

Zancen gado ma ana iya gwada shi da lissafi. A haɗa tsawon uba da na uwa, a ƙara 13 idan namiji ne, a cire 13 idan mace ce, a raba biyu. Abin da ya fito shi ne inda ake sa ran yaron zai tsaya idan ya girma, da ƙari ko ragin kusan santimita 8. Idan iyaye matsakaita ne, ɗansu kuma shi ne mafi gajarta a ajinsu, gado bai isa amsa ba.

Ƙodar da ba ta kumbura jiki

Yawancin mutane sun san ciwon ƙoda da kumburin fuska da ƙafa da raguwar fitsari. Irin wannan yana tayar da hankali, ana garzayawa asibiti. Wanda ke tsayar da girma a ɓoye sau da yawa akasin haka yake: yaron yana yawan fitsari, yana yawan shan ruwa, kuma bai taɓa kumbura ba. A ƙasashen da ke da cikakken rajistar marasa lafiya, kusan rabin yaran da ke da ciwon ƙoda mai daɗewa da matsalar aka haife su, ko dai ƙodar ba ta ginu daidai ba, ko hanyar fitsari ta toshe, ko fitsari yana komawa sama daga mafitsara zuwa ƙoda. A yankinmu akwai ƙarin abubuwa biyu: sikila, wadda ke taɓa ƙoda sannu a hankali, da tsargiya, wadda idan ta daɗe ba magani tana iya toshe bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce yaro ne ɗan shekara bakwai, tsawonsa santimita 104. Matsakaicin tsawon sa'o'insa a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya kusa 122. Yana ɗan shekara biyar an auna shi 99, wato cikin shekara biyu santimita 5 kawai ya ƙara, rabin abin da ya kamata. Mahaifinsa 170 ne, mahaifiyarsa 160, lissafi ya ba da 171 da rabi, don haka ba ɗan gidan gajeru ba ne. Likitan da ya san aikinsa zai tambayi uwar, "Maman yaro, tun yana jariri yaya fitsarinsa yake fita, yana tsartuwa ko ɗiga yake?" Sai ta tuna cewa tun yana goye sai ya yi nishi kafin ya fita, kuma bai taɓa tsartuwa nesa kamar na ƙanensa ba. Har yanzu yana fitsarin kwance, an sha dukansa a kai. Yana tashi cikin dare ya nufi randa. Yana son gishiri, yana ƙin nama. Sau da yawa ya yi zazzaɓin da aka yi wa maganin maleriya ba tare da an gwada fitsarinsa ba.

Wannan labari ya yi daidai da wata matsala da ake haifar yara maza da ita, kusan ɗaya cikin dubu biyar zuwa dubu takwas: wata 'yar fata siririya a cikin hanyar fitsari, a ƙasan mafitsara, wadda ke tare fitsari. Mafitsara tana ta turawa har ta yi kauri, fitsari ya taru ya koma sama, ƙodoji su buɗe su cika da ruwa, naman da ke aikin tacewa ya yi ta lalacewa. Hoton ciki na sikanin yana nuna buɗaɗɗun ƙodoji da kaurin mafitsara, sannan a tabbatar da wani hoto da ake ɗauka yayin da yaron ke fitsari.

Gwajin jinin da ke nuna ƙarfin ƙoda shi ne kiriyatinin, kuma a nan akwai tarkon da ya kamata iyaye su sani. A ce sakamakon yaronmu ya fito 110 µmol/L. A takardar ɗakin gwaji da yawa, iyakar da aka buga a gefe ta manya ce, kuma 110 yana cikinta ko dab da bakinta, sai a ce ƙoda lafiya lau. Amma kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, ƙaramin yaro kuwa tsokarsa kaɗan ce, don haka na ɗan shekara bakwai mai lafiya yakan tsaya wajen 30 zuwa 50. Likitocin yara suna haɗa shi da tsawon yaron su yi wannan lissafi:

eGFR = 36.5 × tsawo (cm) ÷ kiriyatinin (µmol/L)

A yaronmu, 36.5 sau 104 a raba da 110 ya ba da kusan 35. Ƙoda mai lafiya tana ba da 90 zuwa sama. Ma'ana kusan kashi biyu cikin uku na aikin ƙodarsa ya tafi, alhali yana gudu a tsakar gida. Sai adadin ya sauka ƙasa da 15 ake shiga zancen wankin ƙoda ko dashe. Tsakanin 35 da 15 akwai shekarun da za a iya ceto.

Me ya haɗa ƙoda da tsawo

Ƙoda ba fitsari kaɗai take yi ba. Ita ce ke fitar da tsamin da jiki ke samarwa kullum. Idan ta gaza, jini ya yi tsami, jiki sai ya riƙa zaftare ƙashi da tsoka don kashe tsamin, kuma ƙashin da ake zaftarewa ba ya tsawo. Ana ganin wannan a gwajin bikabonet, wanda ake so ya kai 22 zuwa sama. Ita ce kuma ke mayar da bitamin D zuwa irin wanda jiki ke amfani da shi wajen ɗaukar kalsiyam daga abinci. Idan wannan ya tsaya, ƙashi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe ko su yi gwame, wuyan hannu ya yi kauri. Lanƙwasar ƙafa ta rashin kalsiyam a abinci sananniya ce a Arewa, kuma tana jin magani. Wadda aka yi wata da watanni ana ba ta kalsiyam ba ta gyaru ba, a duba ƙoda.

Bayan wannan, ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon ya yi jini, shi ya sa ƙarancin jinin yaron ba ya jin maganin ƙarin jini na kemis. Dattin da ya taru a jini yana kashe sha'awar abinci, ya kawo tashin zuciya. Gishiri da ruwan da ke zuba a fitsari suna barin jiki cikin ƙishi kullum. A ƙarshe, ko da jikin yaron yana yin sinadarin girma yadda ya kamata, ƙashinsa ba ya amsa masa sosai.

Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da magani. Ana shiga da na'ura ta hanyar fitsari a yanke fatar da ta tare, ba tare da an tsaga ciki ba. Ana ba da bikabonet a sha don kashe tsami, da nau'in bitamin D wanda ba ya buƙatar aikin ƙoda, da kalsiyam da ake sha tare da abinci, da sinadarin ƙarfe, wani lokaci da allurar da ke sa ɓargo yin jini. Ana auna hawan jini, domin yara ma suna yinsa, kuma yana hanzarta lalacewar ƙoda. Akwai allurar sinadarin girma ta kullum, mai tsada sosai, wadda ba a fara ta sai an gyara waɗancan.

Abin da ya fi cutar da irin wannan yaro a gida shi ne a ɗora masa dokar manya. Maƙwabta za su ce mai ciwon ƙoda ba ya cin nama, ba ya cin gishiri, a rage masa ruwa. Yaro mai girma ba a hana shi nama, ƙwai da wake, kuma wanda ƙodarsa ke zubar da gishiri da ruwa, hana shi su zai ƙara durƙusar da ita. Wasu ma ƙara musu gishiri ake yi. Likita ne kaɗai zai faɗi abin da za a rage bayan ya ga gwaji. Abin da za a guje wa tabbas shi ne magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak, da allurar kemis ba takardar likita, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Dole kuma a faɗi iyakar maganin. Naman ƙodar da ya lalace ba ya dawowa, wasu yaran ko an yi musu aikin za su kai ga dashe daga baya, kuma tsawon da aka rasa a shekaru biyun farko ba ya cika dawowa duka. Amma yaron da aka gano yana ɗan shekara biyu da wanda aka gano yana ɗan sha biyu, ba ɗaya suke ƙarewa ba.

Lokacin da alkama ce matsalar

Siliyak ta bambanta da ciwon ƙoda ta fuskar da ke faranta rai: idan aka gano ta da wuri, girma yana dawowa. A cikin alkama da sha'ir akwai sinadarin da ake kira gulutin. A jikin wanda ya gaji saurin kamuwa da cutar, garkuwar jiki tana ɗaukar gulutin a matsayin abokin gaba, cikin faɗan kuma ta goge ƙananan tsirai da ke cikin ƙaramin hanji, waɗanda su ke tsotse amfanin abinci. Yaro ya ci ya ƙoshi, amfanin ya wuce. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙarta da alkama. An lura cewa a yunwar da ta auka wa ƙasarsa a 1944 zuwa 1945, lokacin da burodi ya yanke, yaran da ke fama da cutar sun samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwon ya dawo. Ya gabatar da bincikensa a 1950.

A duniya kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke da ita. An daɗe ana ɗaukarta cutar Turawa, har sai da wani bincike na 1999 ya samu fiye da kashi 5 cikin ɗari a yaran Sahrawi na Yammacin Sahara da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda fulawa ce babban abinci. Likitocin Sudan ma sun daɗe da saninta. Abincinmu na asali, gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo da wake, duk ba su da gulutin. Amma yaron birni na yau yana karyawa da burodi da shayi, ya ci taliya da rana, ya sha biskit da fanke da cincin a makaranta, ga gurasa, funkasau da alkaki.

A ƙaramin yaro cutar takan bayyana watanni bayan an fara ba shi abincin fulawa: gudawa mai yawa, mai maiƙo da wari, ciki ya yi tulu, ɗuwawu su zube, ga yawan rigima. A babban yaro kuwa ana iya rasa gudawa gaba ɗaya, sai gajarta, ƙarancin jinin da ba ya jin magani, ciwon ciki jifa-jifa, da jinkirin balaga. Yawanci nauyi ne ke fara tsayawa kafin tsawo. Wannan ya bambanta da gajartar da ke zuwa daga matsalar maƙoƙo ko rashin sinadarin girma, inda yaro yake gajere amma da jikinsa.

Gwajin farko na jini ne, a takarda ana rubuta shi tTG-IgA, kuma ana haɗa shi da awon IgA gaba ɗaya, domin wanda jikinsa ba ya yin isasshen IgA zai iya fitowa ba shi da cutar alhali yana da ita. Sau da yawa ana tabbatarwa da zura na'ura ta baki a gutsuro ɗan naman hanji a duba. Babban kuskure shi ne a daina ba yaro alkama kafin gwaji, domin jini da hanji za su koma daidai, sakamako ya yi ƙarya. A bar shi yana ci har a gama bincike.

Maganinta barin alkama da sha'ir har ƙarshen rayuwa, ba ragewa ba, bari gaba ɗaya. A gidan Bahaushe wannan ya fi sauƙi a kan gidan da ya dogara da burodi, tunda tuwo, fura, kunu, waina ta shinkafa, ƙosai da dambu duk suna nan. Sai dai a kula da fulawar da ke shiga a ɓoye: ɗan waken da aka haɗa da fulawa, kifi ko awarar da aka barbaɗa wa fulawa kafin suya, man da aka soya fanke a ciki, garin da aka niƙa a injin da ya gama niƙa alkama, da kayan gwangwani da na leda da ba a karanta jikinsu ba. Idan aka kiyaye, cikin makonni yaro zai fara neman abinci, nauyi ya dawo cikin watanni, tsawo kuma ya biyo baya cikin shekara biyu zuwa uku. Ya kamata a gwada iyayensa da 'yan uwansa na ciki ɗaya, domin kusan ɗaya cikin goma daga cikinsu yana iya kasancewa da ita.

Abin da za a nema a asibiti

Duk yaron da awo ya nuna girmansa ya ja baya, a kai shi wurin likitan yara tare da katin awonsa da abin da aka rubuta a bango. Binciken farko ba mai yawa ba ne: gwajin fitsari, awon hawan jini, ƙidayar jini da jinsin jini, kiriyatinin da bikabonet, kalsiyam, gwajin maƙoƙo, sannan tTG-IgA da sikanin ƙoda idan labarin ya nuna can. Hoton ƙashin hannun hagu yana nuna shekarun ƙashi, wato sauran lokacin da ya rage na girma. Abin da ƙaramin asibiti ba shi da shi ana samu ko a aika da shi daga asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri, ko manyan asibitocin Yamai. Idan aka ce muku kiriyatinin lafiya lau, ku tambaya cikin ladabi, "Likita, an lissafa da tsawonsa?"

Dalilin gaggawar a ƙashi yake. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsin da tsawo ke fitowa daga gare shi, kuma yana rufewa bayan balaga, wajen shekara 14 zuwa 16 ga mata, 16 zuwa 18 ga maza. Bayan ya rufe, babu abinci ko allurar da za ta ƙara santimita ɗaya. Wanda ya ce a jira yaro ya balaga ya miƙe, ya ce ne a jira har lokacin magani ya wuce.

Iyaye, ku auna 'ya'yanku a yau ku rubuta, ku sake aunawa bayan wata shida. Malaman makaranta da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, ku lura da yaron da 'yan ajinsu suka bari a baya, ku tambayi yadda yake fitsari da yadda yake bayan gida. Yaron da ke ci amma ba ya tsawo, gwaji yake buƙata, kuma bana ta fi baɗi. Allah Ya raya mana su cikin lafiya.